Idan mara lafiya ya ce sai a cire haƙori

A tattaunawar da wasu likitocin haƙori suka yi, an kawo misalin magidanci da turmin haƙorinsa na ƙasa ya ruɓe har ga jijiya, amma hoto ya nuna saiwarsa da ƙashinta lafiya lau. Wankin jijiya, wato kwashe ruɓaɓɓiyar jijiyar a cike wurin, da sanya wa haƙorin hular da za ta rufe shi, zai ceci haƙorin. Shi kuwa ya ce a cire kawai ya huta.

Yawancinsu sun ce a fara jin dalili. Sau da yawa zafi ne ke magana, mutum ya kwana bai runtsa ba. Idan aka yi allurar kashe zafi, aka buɗe haƙorin aka kwashe jijiyar, aka sa cikon wucin gadi, mai cewa "Likita, cire min shi" kan dawo da wani ra'ayi. Wani kuma kuɗi ne, ko nisan gari, tunda aikin kan ɗauki zuwa biyu ko uku.

Sai a nuna masa hoton, a faɗa masa gaskiya: maƙwabtan gurbin za su karkata, na sama ya zazzago, kuma haƙorin roba na iya fin wankin jijiya tsada. A kuma faɗa masa cewa wankin ma yakan gaza.

In ya dage, bakinsa ne. A rubuta abin da aka bayyana masa, ya sa hannu, a cire. Inda ra'ayin likitocin ya rabu shi ne idan mutum ya ce a cire lafiyayyen haƙori da ba a gano tushen ciwonsa ba. A ganina masu cewa a ƙi sun fi gaskiya, domin ciwon na iya zama na jijiyar fuska, wanda ba ya tafiya da cire haƙori.