Wai duk kallon da ke ƙarƙashin Browse features na masu bin tasha ne?

Hajiya Mai Alkaki: Assalamu alaikum. Bidiyon alkakin da na saka a YouTube ya samu kallo 8,000 cikin kwana 28, kuma a rahoton hanyoyin da kallo ke shigowa, 4,400 sun zo ta Browse features. Ni a sanina wannan layin masu bin tashata ne, amma ɗana ya ce ba haka ba ne. Wa ke da gaskiya?

Ɗan Farm Centre: Wa alaikumus salam Hajiya. Ke ce da gaskiya. Na taɓa sa wani ya ciro mini alƙaluman tashata ta hanyar da masu rubuta manhaja suke bi, da idona na ga an sa wa layin nan suna SUBSCRIBER. Tunda YouTube da kansa ya kira shi haka, ai magana ta ƙare.

Malam Editan Zariya: Sunan da ka gani haka yake, ƙanina, ban musa ba. Sai dai abin da ake zubawa a cikinsa ya fi sunan faɗi. Layin ya haɗa kallon da ya fito daga shafin farko na YouTube, wanda kowa yake gani da zarar ya buɗe manhajar, da wanda ya fito daga shafin Subscriptions, da wasu ƙananan wurare irin su Watch later. Shafin farkon nan kuwa ba ya tambayar mutum ko yana bin ka. Wanda ya kalli yadda ake dubulan jiya, yau ana iya ɗora masa alkakin Hajiya ko bai taɓa jin sunanta ba. Hajiya, mutum nawa ke bin tashar?

Hajiya Mai Alkaki: 1,300 ne, Malam.

Ɗan Farm Centre: To ai mutum yana iya kallo sau uku ko huɗu, musamman girki da ake tsayawa ana komawa.

Malam Editan Zariya: Yana iyawa, shi ya sa ba za mu tsaya a kan ƙiyasi ba. Hajiya, ki buɗe YouTube Studio a kwamfuta, ki shiga bidiyon, ki danna Analytics, sannan Advanced mode. Ki zaɓi Traffic source, ki danna kan Browse features ɗin kansa, zai tsage miki shi. Bayan nan ki sauya zuwa Subscription status. Ki tabbata kwanakin da ke sama ba su canza ba, domin in ɗaya na kwana 28 ne ɗaya na tun ranar da aka saka, lissafin ba zai haɗu ba.

Maman Biyu: Kafin ta dawo, ni tawa matsalar ita ce WhatsApp. Duk bidiyon lallen da na tura wa guruf-guruf na dangi, washegari sai ya kwanta. Na daina turawa gaba ɗaya. External ɗin nan, wato kallon da ke shigowa daga wajen YouTube, shi ke kashe bidiyo, ku yarda da ni.

Hajiya Mai Alkaki: Na dawo, ɗana ya taya ni. A cikin 4,400 ɗin, Home 4,050 ne, Subscriptions 230, sauran 120 a warwatse. A ɗaya wajen kuma Subscribed 1,100, Not subscribed 6,900. Wallahi ban yi zaton haka ba.

Malam Editan Zariya: Madalla. Yanzu mu ba Ɗan Farm Centre duk sassaucin da za a iya ba shi. A ce kallo 1,100 ɗin nan na masu bin ki kaf ta Browse features suka shigo, ko ɗaya bai bi ta wata hanya ba. Duk da haka 3,300 sun rage a layin, kuma waɗannan ba a ƙirga su cikin masu bin ki ba. Wato aƙalla uku cikin huɗu na layin ke nan. Rahotanni biyun tambayoyi biyu suke amsawa. Traffic source yana faɗin ƙofar da aka bi aka shigo, Subscription status yana faɗin wanda ya shigo. Mai bin ki yana iya rubuta alkaki a bincike, sai a lissafa shi a YouTube search, ko ya gama wani bidiyo naki ya ga wannan a gefe, sai ya faɗa Suggested videos.

Ɗan Farm Centre: To na ji. Ashe ainihin masu bin ta su ne 230 ɗin Subscriptions sai na Notifications kawai.

Hajiya Mai Alkaki: Notifications 160 ne a nawa.

Malam Editan Zariya: Ka tsallaka ɗaya gefen kuma. 230 da 160 sun ba da 390, alhali Subscribed ya nuna 1,100. Sauran kamar 700 ɗin masu bin ta ne da suka ci karo da bidiyon a shafin farko, ko a gefen wani bidiyo, ko ta linkin da aka turo musu. Kuma 1,100 ɗin ma yana iya gazawa, saboda YouTube asusun da aka shiga da shi yake gani. Matar da ke bin Hajiya a wayarta amma ta kalla a wayar maigida, ko a talabijin ɗin falo da ba a shiga asusu ba, Not subscribed za a rubuta ta. A gidajenmu da waya ɗaya ke zagaya mutum huɗu wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Maman Biyu: Malam, ba ka ce komai a kan nawa ba.

Malam Editan Zariya: Afuwan, Anti. Ki danna kan External ki ga abin da ke ciki kafin ki yanke masa hukunci, domin ba WhatsApp kaɗai ba ne. Wanda ya nemi abu a Google ya faɗo kan bidiyonki, a nan ake sa shi da sunan Google Search, ba a YouTube search ba. Shi kuwa nema ya yi da kansa, halinsa daban da na ƙanwar miji da ta danna don kara. Wani ɓangaren na linkin da ake turawa ma ba ya zuwa External, yana faɗawa Direct or unknown idan ba a gane inda ya fito ba.

Hajiya Mai Alkaki: Nawa External 1,120 ne: WhatsApp 900, Google Search 150, Facebook 70. Bidiyon minti 9 ne. Average view duration, wato matsakaicin tsawon kallo, na WhatsApp minti 1 da daƙiƙa 20, na YouTube search kuma ya haura minti 5, duk da kallo 640 ne kacal.

Maman Biyu: Kun gani ko? Minti ɗaya su fita. Abin da nake faɗa ke nan.

Malam Editan Zariya: Cewa suna jawo matsakaicin gaba ɗaya ƙasa, wannan gaskiya ne, lissafi ne. Amma cewa shi ya sa YouTube ya daina nuna bidiyon, rahoton bai nuna haka ba. Ga na Hajiya nan, 900 sun shigo ta WhatsApp kuma shafin farko ya kawo 4,050. Akwai wani abu da ke ruɗa mutane: Impressions ana ƙirga shi ne idan hoton bidiyon ya bayyana a cikin YouTube, ba a ƙirga na WhatsApp ko na Notifications. Sai ki ga kallo ya tashi ranar da kika tura, Impressions bai motsa ba, kwana biyu dangi sun gama dannawa kallo ya koma inda yake. Ido zai ce bidiyon ya mutu, alhali wataƙila bai taɓa tashi a shafin farko ba tun asali.

Maman Biyu: Ban gamsu ba, Malam. Bidiyo uku na tura duk suka kwanta, biyu da ban tura ba suka yi tafiya.

Ɗan Farm Centre: Anti, biyun nan ba na lallen sallah ba ne? Lokacin kowa nema yake.

Maman Biyu: Ɗaya na sallah ne, ɗayan kuwa a tsakiyar damina na saka shi. Bari yara su kwanta, zan ciro layin Browse features na duka biyar ɗin, kwana bakwai na farko, in turo muku ku gani.