Aiti mai kuɗi ko wanda za a koyi aiki?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Injiniyan lantarki nake karanta, zan fita aiti, wato koyon aiki a aikace da makaranta ke tura ɗalibai, na wata 6. Wani shagon kwamfuta a unguwarmu zai riƙa ba ni N25,000 a wata, amma buga takardu ne aikin. Wata masana'anta a Challawa kuma ta karɓe ni ba ko sisi, ga kuɗin mota N1,200 kullum. Wanne zan ɗauka, kuma yaya zan roƙi kuɗin mota ba tare da sun fasa ba?

Ɗan Kurna: Wa alaikumus salam. Je ka masana'antar kawai, ai hukumar horas da ma'aikata ta ITF na biyan 'yan SIWES, wato ɗaliban aiti, alawus.

Anti Malama: Tana biya, amma N2,500 ne a wata, wato N15,000 a wata shida, kuma sai an gama ake sa rai, wani lokacin da daɗewa. Sati biyu da rabi kawai zai kai shi Challawa. Ƙanina, ka tuna logbuk ɗinka ma. Malamin da zai zo duba ka, me zai gani a ciki in fotokofi ka wuni kana yi?

Tsohon Injiniya: Ɗana, masana'antar nake ba ka shawara, amma fara da lissafi. Kwana 22 sau N1,200 ya kama N26,400. Da wannan adadin za ka shiga, kada ka ce "a taimaka min da wani abu", don mai jin haka dubu biyar zai miƙo maka sau ɗaya, shi ke nan.

Bari takardar karɓa ta zo hannunka tukuna. Sannan kafin ranar farawa ka sami jami'in kula da ma'aikata shi kaɗai, ba a gaban mutane ba. Ka ce: "Ranka ya daɗe, na gode da wannan dama. Zuwa da komawata yana cin N26,400 a wata. Ko akwai tsarin kuɗin mota ga ɗalibai?" Kalmar albashi kada ta fito daga bakinka. Ka yi shiru ka bar shi ya amsa.

In ya ce babu kasafi, tambayi motar ma'aikata ko abincin rana. Waɗannan sun fi sauƙin amincewa, tunda an riga an biya su. Abin da aka yarda kuma a rubuta, ko da a saƙon waya ne.

Maman Biyu: Ni na tambaya tun ranar farko, aka ce in ba zan iya ba akwai masu jira. Na yi wata uku ina cin bashi, ban taɓa inji ba, aike kawai. Ka tambayi ɗaliban bara ko ana barin su su riƙe mita su buɗe fanel.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Baba Injiniya, in sun hana duka ukun fa? Gida ba za su iya ɗaukar kuɗin ba.

Tsohon Injiniya: To nemi zuwa kwana huɗu, in makarantarku ta yarda. In ta ƙi, duba masu haɗa sola ko naɗin wayar injinan lantarki kusa da ku kafin ka koma shagon.