Yadda muke sauke karatu mai darussa da yawa ba tare da jerin ya rikice ba

Ɗalibi daga Zariya: Assalamu alaikum. Akwai karatun nahawu da wani malami ya ɗora a YouTube, darasi 118 a jeri ɗaya, kuma mahaifina ya buƙaci in zuba masa shi a memori domin ya riƙa saurare a ƙaramar rediyonsa. Ƙanena ya sauke su ɗaya bayan ɗaya ya sa musu lamba da hannu, amma da muka buɗe foldar a waya sai muka tarar bayan darasi na 1 sai na 10, sai na 100 da na 101, na 2 kuwa yana can ƙasa bayan na 19. Ina roƙon waɗanda suka taɓa yin irin wannan aiki su gaya mana yadda suka yi.

Mai turi a Kasuwar Farm Centre: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Babu abin da ya lalace a fayilolinku. Manhajoji da yawa suna jera sunaye harafi bayan harafi, ba su duban lambar a dunƙule, saboda haka duk sunan da ya fara da 1 zai riga wanda ya fara da 2, ko da 100 ne. Maganinsa shi ne a cike gaban lambar da sifili har tsawonsu ya zama ɗaya, wato 001, 002, 010, 118. A shagona da yt-dlp, wata manhajar kwamfuta ta sauke bidiyo, nake wannan aiki, kuma ga umarnin da nake bayarwa idan sauti kaɗai ake so:

```
yt-dlp -x --audio-format mp3 --download-archive archive.txt -o "%(playlist_title)s/%(playlist_index)03d - %(title).80B.%(ext)s" URL
```

A wurin `URL` za ka sa adireshin jerin gaba ɗaya, kuma sai an girka ffmpeg, manhajar sarrafa sauti da bidiyo, kafin a iya mayar da sautin mp3. Shi `03d` shi ne yake tilasta gurbi uku. Idan ba ka sa shi ba, manhajar za ta cike sifilin da kanta gwargwadon lambar ƙarshe ta jerin a ranar da ka sauke, to idan karatun yana darasi na 95 a yau ya kai 105 bayan wata biyu, za ka wayi gari da tsofaffi masu gurbi biyu da sababbi masu gurbi uku a folda ɗaya, jerin ya sake wargajewa. Shi kuwa `archive.txt` rajista ce ta abin da aka riga aka sauke, domin idan wuta ta ɗauke ko data ta ƙare a darasi na 40, maimaita umarnin kawai za ka yi ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Malama daga Maraɗi: Ni ban yarda da lambar jeri ba, kwanan wata nake sawa a gaban suna da `%(upload_date)s`, wanda yake fitowa kamar 20240312, shekara sannan wata sannan rana. Malami yana iya sauya tsarin jerinsa, amma kwanan wata ba ya motsi.

Mai turi a Kasuwar Farm Centre: Malama, gaskiyarki a kan karatun da ake ɗorawa kullum a ranar da aka yi shi, kamar tafsirin azumi. Sai dai wannan kwanan ranar ɗorawa ce, ba ranar karatu ba. Almajiran malamai sukan ɗora tsofaffin darussa goma a yini ɗaya, duk su ɗauki kwana guda, daga nan sai harafin farko na take ya yanke wanda zai riga wani. Haka kuma idan aka goge darasi na 7 saboda sautinsa bai fita ba aka sake ɗora shi bayan shekara, kwanan zai jefa shi ƙarshen folda.

Injiniya daga Kumasi: Abin da Malama take tsoro ya same ni, kuma ya kamata mai tambaya ya san shi tun yanzu, domin lambar jeri matsayin bidiyo ce a ranar saukewa, ba lallai ta zama lambar darasi ba. Na sauke wani kwas na lissafi ya tsaya a 060, daga baya mai kwas ɗin ya cusa bidiyon gyara a matsayi na 13. Da na maimaita umarnin, sabon bidiyon ya sauka da 013 alhali akwai tsohon 013 a foldar, darasin da ya biyo bayan 060 kuma ya zo da 062, babu 061 ko kaɗan. Alamar da ake gane wannan ita ce lamba biyu iri ɗaya a tsakiya da giɓi a kusa da ƙarshe. Tun daga lokacin nake barin taken asali bayan lambar, saboda a nan ne malamin yakan rubuta lambar darasin da kansa, kuma da ita nake tantancewa. Wata matsalar ita ce jerin da aka sa sabon darasi a sama, inda 001 zai faɗa kan darasin ƙarshe. A irin wannan nakan ƙara `--playlist-reverse`, in musanya `playlist_index` da `playlist_autonumber`, wanda yake ƙirga bisa yadda aka bi su wajen saukewa. Kada dai a haɗa shi da zaɓen wani yanki na jerin, domin zai sake farawa daga 1.

Hajiya daga Gombe: Ni nawa karatun a zauren WhatsApp ake turo mana shi, kuma sunayen suna zuwa kamar `AUD-20240312-WA0005`. Shin wannan umarni zai gyara su?

Injiniya daga Kumasi: A'a, Hajiya, wannan na jerin da yake a shafin bidiyo ne. Kwanan da ke cikin waɗannan sunaye na ranar da saƙon ya shigo wayarki ne, saboda haka sai an saurari farkon kowanne an ji inda malam ya ce an kwana, sannan a sa masa lamba mai gurbi uku da hannu.

Mai gyaran rediyo daga Katsina: Duk kun yi magana a kan waya da kwamfuta, amma yaron nan rediyo ya ce. Da yawa daga ƙananan rediyoyin nan masu cin memori ba su duban suna sam, suna bin fayiloli ne yadda aka rubuta su a kan katin. Wani dattijo ya kawo mini tasa yana cewa ta haukace, na duba na ga sunayen daidai suke daga 001 har ƙarshe, amma an jawo su gaba ɗaya an zuba, kwamfutar ta fara kwafa daga tsakiya. Na kwashe su, na goge katin na sake tsara shi da tsarin FAT32, na jera su da suna, na riƙa zubawa kashi-kashi daga na farko, sai ta bi su tiryan-tiryan. Masu Linux suna da fatsort da yake gyara wannan ba tare da an goge ba. Kuma ƙaramin allonta ba ya nuna haruffan Larabci ko ƙ da ɗ, shi ya sa lambar da ke gaba ce kaɗai abin da dattijo zai gani.

Ɗalibi daga Zariya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na bi umarnin, kuma 116 suka sauka, babu 047 da 048, domin manhajar ta ce ba a iya samunsu. Taken 049 yana ɗauke da «darasi na 49», saboda haka na bar gurabensu yadda suke. Abin da ya rage shi ne rediyon Baba tana komawa 001 duk lokacin da aka kashe ta. Ina tunanin raba karatun folda shida, darasi ashirin-ashirin, amma ban ga maɓallin tsallaka folda a jikinta ba.

Mai gyaran rediyo daga Katsina: Wannan ya danganta da irin rediyon, ɗana. Wasu suna riƙe inda aka tsaya idan da maɓallin jiki aka kashe, wasu kuma ba su riƙewa ko yaya aka yi. Idan tana da lambobi a fuska ko a rimot, gwada danna 49 ka ji wane darasi za ta kama, ka tuna cewa ita fayiloli take ƙirgawa, don haka rashin waɗancan biyun zai iya kai ka 051.