Neman kalma: me za mu kira abin da Paparoma yake cewa ya gada daga Bitrus?

Hajara:
Salamu alaikum jama'a. Ina shirya darasin tarihi na rediyo a kan yadda bishop na birnin Roma ya zama Paparoma, kuma kalmomi biyu sun tsaya mini a wuya. Ta farko ita ce da'awar cewa kowane bishop ya karɓi muƙaminsa daga wanda ya gabace shi, shi ma daga na gabansa, har a kai ga manzannin Yesu. Girkawa suna ce mata diyadoke. Ta biyu ita ce da'awar cewa bishop na Roma yana gaba da duk sauran, wadda ake kira firimatus da Latin. Na rubuta "gadon manzanni" da "fifiko", amma raina bai kwanta ba. Yawancin masu sauraronmu Musulmi ne, kuma da sun ji "manzanni" annabawa za su zo musu a rai.

Sanusi:
Wa alaikumus salam. Ai wannan ba abin wahala ba ne. Silsila kenan. Kamar yadda muƙaddami a ɗarika yake cewa wane ya ba ni izini, shi ma wane ya ba shi, har zuwa shehin ɗarikar. Tunda ma a labarai ana cewa ɗarikar Katolika, sai ki ce "silsilar almajiran Yesu" ki huta.

Ladi:
Ni dai na san idan Paparoma ya rasu kadinal-kadinal ne suke kulle kansu su yi zaɓe, a ga farin hayaƙi. To ina gado a nan? Ai ba ɗansa ne yake hawa ba.

Hajara:
Yaya Ladi, ba zaɓen nake tambaya ba. Amma kin taɓo inda "gado" yake ba ni tsoro.

Malam Iliya:
Hajara 'yata, na shekara da yawa ina koyar da wannan tarihi, kuma abin da ya sa kalma ɗaya ta ƙi zama shi ne da'awar ba ɗaya ba ce, ta yi ta sauya kama daga ƙarni zuwa ƙarni. Bari mu fara da jerin da kowa yake komawa gare shi.

Wajen shekara ta 180, Irenayus, bishop na Liyon a ƙasar Faransa ta yanzu, yana jayayya da wasu masu cewa Yesu ya bar wani ilimi na asiri ga zaɓaɓɓu. Hujjarsa mai sauƙi ce: da akwai irin wannan asiri, ai waɗanda manzanni suka damƙa wa ikilisiyoyi ne za su fara sani. Sai ya jero sunayen na Roma a matsayin misali. Ya ce Bitrus da Bulus ne suka kafa ikilisiyar suka miƙa ta ga Linus, sai Anakiletus, sai Kilemas, har zuwa Elutarus na sha biyu, wanda ke kai a zamaninsa. Ki lura da abu biyu. Bitrus da Bulus ya ambata tare, kuma bai ƙirga Bitrus a matsayin bishop na farko ba, daga Linus ya fara lissafi. Sa'an nan abin da ke damunsa shi ne koyarwa, wato wa ya ji daga wa a bainar jama'a. A wannan fuskar maganar Sanusi ta yi kusa, har ma na fi jin ƙanshin isnadi fiye da silsila.

Inda silsila take karyewa kuwa ga shi. A ɗarika shehinka ne yake ba ka izini da hannunsa yana raye. Bishop na Roma kuwa galibi sai ya mutu ake naɗa wani, kuma wasu bishop-bishop ne suke ɗora wa sabon hannu. Don haka jerin Irenayus ya fi kama da jerin sarakunan gari: wane ya hau, ya rasu, wane ya hau. Sarkar ɗora hannu wani abu ne daban, kuma ita ce ta cancanci sunan silsila.

Sanusi:
To Malam, ai kun yarda da ni kenan, rabi da rabi. Amma ita sarkar ɗora hannun, a rubuce take tun daga farko?

Malam Iliya:
A'a. Mafi yawan bishop-bishop na Katolika a yau, idan aka bi takardun naɗinsu baya, suna tsayawa ne a kan wani kadinal ɗan Italiya na ƙarni na 16 mai suna Rebiba, kuma ba a samu takardar da ta nuna wanda ya ɗora masa hannu ba. Wannan ba ya nufin ba a ɗora masa ba, domin al'adar coci ce tun da daɗewa bishop uku su taru a naɗi. Amma wanda zai ce a kawo masa sunaye ɗaya bayan ɗaya har zuwa Bitrus, kamar yadda mai ɗarika yake karanto silsilarsa, ba zai samu ba.

Katikis Markus:
Baba Iliya, da girmamawa, kada a bar Hajara ta tafi da tunanin cewa ƙirƙira aka yi. Mu abin da muka riƙe yana cikin Matiyu 16:18-19, inda Yesu ya kira Siman dutse ya ce a kansa zai gina ikilisiyarsa, ya kuma ba shi mabuɗai. Kuma Bitrus a Roma ya mutu. Wasiƙar Kilemas zuwa Korinti, tun kafin shekara ta 100, ta faɗa ƙarara cewa manzanni sun naɗa shugabanni sun kuma tsara wasu su gaje su. Ni "gadon Bitrus" na sani, shi muke faɗa a coci.

Malam Iliya:
Markus, mutuwar Bitrus a Roma a zamanin Sarki Nero, yawancin masana tarihi sun karɓe ta, har da waɗanda ba Katolika ba. Abin da ka faɗa game da wasiƙar ma gaskiya ne. Sai dai ka sake buɗe ta. An rubuta ta wajen 96, da sunan ikilisiyar Roma baki ɗaya, sunan Kilemas bai fito a cikinta ba, kuma tana musanya "bishop-bishop" da "dattawa" kamar abu ɗaya ne, a jam'i. Bayan shekaru kaɗan, Iginatiyus na Antakiya, ana tafe da shi Roma a ɗaure domin a kashe shi, ya rubuta wa ikilisiyoyi wasiƙu. Mutumin nan ba ya gajiya da cewa a bi bishop, har yana ambatar na Afisa da na Simirna da suna. Da ya zo kan wasiƙar Roma, ya yabi ikilisiyar sosai, amma bai gai da wani bishop ba.

Daga nan ne masana da yawa, ciki har da 'yan Katolika irin su Remon Birawun da Imon Dafi, suka ga cewa har zuwa wajen tsakiyar ƙarni na 2 majalisar dattawa ce take riƙe da Kiristocin Roma, waɗanda suke taruwa gida-gida a unguwanni. Sunayen Linus da Kilemas mai yiwuwa na mutanen gaske ne, fitattu a cikin dattawan. Da tsarin bishop ɗaya ya kafu, sai aka waiwaya aka jera su bi da bi. Alamar ɗinkin ma tana nan: Tartuliyan, marubucin Kirista, wajen shekara ta 200, ya ce Bitrus ne ya naɗa Kilemas, alhali Irenayus ya sa shi na uku.

Katikis Markus:
Rashin gaisuwa ba hujja ba ce, Baba. Mutumin da ake kai shi bakin zaki zai iya ɓoye sunan shugaba don kada ya jawo masa bala'i. Kuma ko a majalisar dattawan ƙauye akwai wanda yake yanke magana.

Malam Iliya:
Akwai masana da suke faɗin haka, ban raina ba. Abin da ya sa ban gamsu ba shi ne bai ɓoye sunayen na sauran garuruwa ba.

Bari in taɓa kalma ta biyu kafin in tashi. "Fifiko" tana da kyau daidai saboda ba ta faɗi irin fifikon ba, kuma a kan wannan aka yi ta rigima. Tun da wuri ana ganin girman Roma: babban birnin daula ne, ga kaburburan manzanni biyu, ga dukiyar taimakon wasu ikilisiyoyi. Amma wajen 190 da Bishop Fikto na Roma ya nemi yanke zumunci da ikilisiyoyin Asiya a kan ranar bikin Ista, sun ƙi sauyawa, kuma Irenayus ɗin nan da kansa ya ja masa kunne. Wajen 256 Bishop Istifanus na Roma ya kafa hujja da cewa shi ke zaune a mazaunin Bitrus, Sifiriyan na Kartaj da bishop-bishop na Afirka ta Arewa suka ƙi bin hukuncinsa a kan sake baftisma. A 381 taron Kustantiniya ya ba bishop na Kustantiniya, sabon birnin daula, girma na biyu bayan Roma, dalilinsu kuwa shi ne birnin sabuwar Roma ce. A 451 taron Kalsidon ya ƙara da cewa ita tsohuwar Roma ma don tana birnin sarki aka girmama ta. Liyo na ɗaya, wanda ya riƙe kujerar Roma daga 440 zuwa 461, ya ƙi amincewa da wannan doka. Shi a wurinsa girman daga Bitrus yake, kuma ya kira kansa magajin Bitrus da ma'anar dokar gado ta Romawa, inda magaji yake ɗaukar duk haƙƙin mamaci ko da bai kai shi daraja ba.

Saboda haka "gado" ta dace da Liyo tsaf, amma in kin sa ta a bakin Irenayus kin ba shi maganar da ba a yi ba sai fiye da shekaru 200 bayansa. Na Gabas kuma, wato Otodoks, har yau fifikon girma suka yarda da shi, irin na babban wa a gida. Fifikon iko a kan kowace ikilisiya, taron Batikan na 1870 ne ya zayyana shi a matsayin aƙida.

Sanusi:
Wani abu ya faɗo mini. A rubuce "gadon Bitrus" yana iya zama abin da aka gada, yana kuma iya zama gado irin na gadon sarauta. Duka biyun ai su Liyo suke nufi.

Hajara:
Kai, wannan ta burge ni, sai dai a rediyo dole in zaɓi karin sauti ɗaya. Ga abin da na tsayar zuwa yanzu: "gadon Bitrus" ga da'awar Roma kaɗai, "silsilar naɗi" ga ɗora hannu, sai "fifikon girma" da "fifikon iko". Zan ce "manzannin Yesu" a karon farko in bayyana su waye. Jerin Irenayus ne har yanzu ban sami sunansa ba. "Jerin magada" ya yi?

Malam Iliya:
"Jerin magadan kujera" zan fi so, ko da yake ya yi tsawo.

Katikis Markus:
Ni ban yarda a raba su uku ba, a wurinmu abu ɗaya ne. In za ki raba, 'yar'uwa, ki faɗa wa masu sauraro cewa rabon na masana tarihi ne.

Ladi:
To ita kalmar Paparoma fa, mu muka haɗa ta ko aro ce?

Malam Iliya:
Papa da Roma ne a haɗe, kuma haɗin ya yi daidai, domin a ƙarni na 3 ana kiran bishop na Iskandariya da na Kartaj papa. Shugaban Kibɗawan Masar har gobe da wannan sunan ake kiransa.