Maigida na son rahoto mai shafi biyu, in faɗi raunin binciken ko in yi shiru?

Rakiya: Salamu alaikum ƴan uwa. Kamfaninmu na shirin fito da fura da nono cikin roba, an tambayi mutum 200: 160 a kasuwannin Wadata da Katako nan Yamai, 40 a Tawa ta waya. An miƙo mini shafukan PowerPoint 25, maigida ya ce in mai da su rahoto mai shafi biyu, zai kai banki ranar Alhamis. Shafin da ya fi so ya ce kashi 70 cikin 100 za su saya a sefa 300. Da na buɗe Excel sai na ga masu shan furar saye kaɗai aka yi wa wannan tambaya, su 120. Kuma cikin azumi aka yi binciken. In rubuta duk wannan?

Sani Wadata: Wa alaikis salam. Ki ba wani ya gyara miki, akwai yaro a unguwarmu, jaka 15 yake karɓa, ya sa launi da zane mai kyau.

Malam Issufu: Ƙanwata, ba launi ta tambaya ba. Kashi 70 na mutum 120 shi ne mutum 84. Cikin 200 ɗin duka kuwa, 84 kashi 42 ne. Ki rubuta jimlar yadda take: cikin mutum 120 masu sayen fura, 84 sun ce za su saya a sefa 300. Kowane kashi da kika sa, adadin waɗanda suka amsa ya zauna kusa da shi. Sakamako uku ko huɗu sun ishi shafin farko, a ƙarƙashinsu ki sa sakin layi guda: wa aka tambaya, ina, yaushe, ta wace hanya. Tawa kuma kada ki ba ta kashi ko kaɗan. Mutum 40, ko da ƙuri'a aka zaɓo su, lissafin na iya kaucewa da maki kusan 15 sama ko ƙasa, balle waɗanda aka samu don suna da waya kuma sun ɗauka. Ki ce ra'ayoyi ne da aka ji, a sake bincike.

Hajiya Zinatu: Rakiya ƴata, ki saurare ni. Na yi irin wannan aiki kan garin kunun yara. Na rubuta ɓaro-ɓaro cewa iyayen da aka tambaya duk a bakin asibiti aka same su, kuma an ba su kyautar garin kafin tambaya, wa zai ci kyautarka ya ce maka ba daɗi? Maigidan ya goge wannan sakin layi, ya bar sunana a ƙasa. Aka ci bashi, aka cika sito da kaya, wata shida gari na kwance har ƙwari suka shige shi. Ranar taro ni aka nuna da yatsa, wai rahotona ne ya ɓatar da su. Ba ni da kwafin farko, a na'urar ofis na bar shi. Har yau in na tuna zuciyata tafasa take. Ki tura masa PDF, ki ajiye naki.

Abdu ɗan Tawa: Allah shi saka miki Hajiya. Amma cikin azumi wa za a tambaya fura ya ce a'a? Ni da la'asar ko jaka guda kuka ce sai in ce ku kawo biyu.

Malam Issufu: Wasa kake, amma iyakar binciken ke nan ka faɗa. Ta rubuta watan da aka yi shi, ta ƙara cewa "zan saya" ba saye ba ne.

Sani Wadata: Malam, kai makaranta ka sani, ni kasuwa. Banki in ya ga rauni a takarda rufe ta yake. Ta kai abin shafin baya da ƙananan baƙaƙe.

Mariyama: Na yi aiki a wurin ba da rance, Sani. Takardar da ba ta faɗi mutum nawa aka tambaya ba ita muke fara zargi. Kuma jaka 15 ɗinka ba kuɗin rahoto ba ne, ƙasa da jaka 100 ban taɓa gani ba. Rakiya, da wane harshe aka yi tambayar kuɗin? In takardar da Faransanci take, wani ya ce "dala sittin", wani ya ce "ɗari uku", mai sauraro na iya jin dala ɗari uku, sefa 1,500 ke nan. Ki kira masu tambayar ki ji.

Rakiya: Na kira biyu, ɗaya bai ɗauka ba, ɗayan ya ce sai an biya shi ragowar kuɗinsa zai yi magana.

Abdu ɗan Tawa: Gaskiyarsa! Mu an yi mana alkawarin jaka 10 a yini, aka ba mu 5, kuɗin kati ma daga aljihunmu. Shi ya sa wasu ke zama gindin bedi su cika takardu goma da kansu.

Hajiya Zinatu: Jaka 5 ma kun samu. Yaran da suka yi mana na garin kunu har yanzu suna bin kuɗin kwana huɗu, ni suke tsayarwa a hanya.