MACD ya ce a sayar alhali farashi bai motsa ba: wa ya taɓa ganin haka?

Rabi'u: Salamu alaikum. Ina bin wani hannun jari a jadawalin kullum. Farashin ya yi tsalle, sai ya tsaya cak kusan mako uku. Bai faɗi ba, amma layin MACD, ma'aunin gudun farashi, ya lanƙwaso ya ratsa ƙasan layin sigina. Wanda ya taɓa cin karo da wannan ya gaya mana abin da ya gani.

Hajiya Larai: Wa alaikumus salam. Na sha ganinsa, kuma lissafin ne ke jawo shi. Layin MACD ragi ne kawai, `EMA(12) - EMA(26)`, layin sigina kuma `EMA(9)` ne na shi MACD ɗin. EMA kuwa matsakaici ne da ya fi ba kwanakin baya-bayan nan nauyi. Gwada da biro. A ce farashi ya daɗe a 100, ya haura 110, ya zauna. Gajeren, `EMA(12)`, yana ɗaukar 2/13 na tazarar a kyandir na farko, wato ranar farko, ya zama 101.54. Dogon, `EMA(26)`, yana ɗaukar 2/27, ya zama 100.74. MACD ke nan 0.80. Daga nan farashi ko gezau, amma MACD na ta hawa har kusan 2.8 a kyandir na tara, saboda gajeren ya fi sauri. Sai dogon ya fara kamo shi, tazarar ta tsuke, wajen kyandir na 15 MACD ya faɗa ƙasan sigina. Babu wanda ya sayar da komai, Malam Rabi'u. Gudu ne ya ƙare.

Ɗanjuma: Ni fa na mayar da saitin nawa 5, 13, 4 a maimakon 12, 26, 9, yana ba ni sigina da wuri.

Saminu: Ɗanjuma, na yi amfani da irin wannan saitin a kasuwar da ke kai-komo a wuri guda. Da wuri yake, gaskiya ne, amma layukan sai sarƙewa suke kusa da sifili, kowace shiga da fita kuma da kuɗin dillali. Yanzu in na ga sandunan da ke nuna tazarar MACD da sigina sun ƙanƙance suna juya launi, ba na taɓawa.

Maryam: Ai ba ratsawa ake kallo ba, saɓani ake kallo. Farashi ya kai sabon ƙololuwa, MACD bai kai ba, to faɗuwa ta zo.

Hajiya Larai: Wani lokaci, Maryam. Na ga saɓani ya fito, ya sake fitowa, farashi na ci gaba da hawa. Raguwar gudu yake nunawa, ba ya faɗin ranar juyawa.

Maryam: Ni dai a jadawalin mako ya fi yi min daidai, Hajiya.

Rabi'u: To 2.8 ɗin nan, ana ce masa ya yi yawa ne?

Saminu: MACD ba shi da rufi kamar RSI, wani ma'aunin gudu mai tsayawa a 100. Da ma'aunin farashi yake tafiya. Da hannun jarin na 1,000 ne ya hau 1,100, da 28 za ka gani.