Tibi na ta damuna da apdet, in bar shi a kunne?

Salam 'yan uwa. Simat tibi na sayo, Samsung, kullum sai ya nuna min wai akwai apdet, gashi da hotsupot ɗin waya nake haɗa shi kuma wutarmu ba tabbas. In kunna Auto Update ko in kashe?

Abban Khairat: Wa alaikumussalam. Apdet ɗin nan iri biyu ne fa. Akwai na manhajoji irin su YouTube, wannan ƙarami ne, ko wuta ta ɗauke ba abin da zai samu tibin. Sai kuma na babbar manhajar da ke tuƙa tibin gaba ɗaya, a Samsung sunanta Tizen, shi ne mai nauyi, yakan kai giga ɗaya ko ya wuce. Tibin zai fara sauko da shi ta intanet, a nan ko an katse sai dai ka yi asarar data, amma in ya gama saukewa ya fara rubuta shi a cikin ƙwaƙwalwarsa yana kashe kansa yana kunnawa, to waɗannan 'yan mintunan su ne abin tsoro. Ni shawarata ka kashe Auto Update, ka riƙa yi da hannunka: Settings > Support > Software Update > Update Now, ranar da ka tada janareto da mai isasshe ko kana kan inbata.

Maman Ummi: Wallahi haka ta faru da namu, wani kamfani ne daban. Yana tsaka da yi aka ɗauke wuta, da aka dawo da ita sai tambarin kamfanin kawai yake nunawa ya mutu ya dawo, ko rimot baya ji. Sai da mai gyara ya sake zuba masa babbar manhajar da filas.

Sadiq: Ni dai ban taɓa yi ba, apdet rage wa tibi gudu yake, in an yi ma sai ka yi Reset ya koma yadda yake.

Abban Khairat: A'a Malam Sadiq, Reset saitinka da akawun ɗinka kawai yake gogewa, manhajar tana nan a sabuwarta, ba a komawa baya. Kuma in ka ƙi yi shekara da shekaru wata rana manhajojin kallo za su ƙi buɗewa, ga ramukan tsaro da ake toshewa da shi. Maganar nauyi kam wasu masu tsofaffin tibi suna kuka da ita, ban musa ba.

Baffa: Ai sai ka sake sikanin tashoshi sun dawo.

Mai tambaya: Baffa ba na dikoda nake nufi ba 😂 Abban Khairat, in yi da filas ɗin kawai saboda data?

Abban Khairat: Zai yi, amma ka duba lambar samfurin a takardar da ke manne a bayan tibin, ka sauko da nasa daidai daga shafin kamfanin, ka warware fayil ɗin kafin ka sa a filas. Kar ka karɓi wanda ake turawa a guruf. Mece ce lambar naka?